Darasi na Tara: Yadda Ake Mayar da Jadawalin Farashi Zuwa Hausa Daga Hoto

A ce ɗan'uwanka ya ɗauko hoton takardar farashi da aka manna a ƙofar wani shagon kayan abinci a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, an rubuta ta da Turanci, yana son ka juya masa ita zuwa Hausa. Kafin ka fassara ko da kalma ɗaya, ka fara ƙidaya layukan kwance da na tsaye, domin a jadawali lamba ba ta da ma'ana sai da gidan da take zaune a ciki.

A misalinmu, layukan tsaye huɗu ne: sunan kaya, buhu, rabin buhu da mudu. Na kwance kuwa biyar ne, wato layin kanu a sama, sannan shinkafa, wake, sukari da gishiri. Huɗu sau biyar ashirin ke nan, saboda haka ka ɗauki rula ka zana gidaje ashirin a littafinka. Daga nan ka fassara kanu da sunayen kaya, ka bar su a jerin da suka zo. Lambobi kuwa kwafe su ake yi kamar yadda suke, layi bayan layi, kana ɗora gefen takarda a ƙarƙashin layin da kake karantawa, tunda hoton waya yakan karkace har farashin wake ya yi kamar na shinkafa ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne gidan da babu komai a ciki. A ce mai shagon ba ya sayar da rabin buhun sukari, sai ya bar wurin fili. Mai gaggawa zai tsallake filin, ya rubuta kuɗin mudu, misali naira 3,000, a ƙarƙashin rabin buhu, kuma duk wanda ya dogara da takardar zai je kasuwa da lissafin da ba shi ne ba. Maganinsa shi ne ka ja ɗan gajeren layi a cikin gidan kafin ka wuce gaba. Haka nan idan ka ga ƙananan sanduna biyu a wani gida, ma'anarsu "daidai da na sama", kuma a ganina ya fi kyau ka sake rubuta farashin a cike.

Idan sunan kaya ya yi tsawo da Hausa, ka karya shi layi biyu a cikin gidansa, kada ya tsallaka na maƙwabcinsa.

Bayan ka gama, ka karanta kowane layin tsaye daga sama zuwa ƙasa. Idan a ƙarƙashin rabin buhu ka ga 40,000, sai 45,000, sai kuma 3,000, to wata lamba ta bar gidanta, sai ka koma kan hoton ka sake ƙidaya gidajen layin sukari.