Kurakuran da aka fi yi wajen dunƙule labari a sakin layi ɗaya

Ka ce wa sabon marubuci ya rubuta ƙashin labarinsa a sakin layi ɗaya, sai ya miƙo maka wannan: "Labari ne a kan wata baiwar Allah da ta sha wahalar rayuwa, cike da soyayya, cin amana da darussa." An gaji da ganin irinsa. Jigo ne wannan, ba labari ba, kuma littafi dubu zai iya shiga cikinsa. Abin da ake nema jimla 3 zuwa 5 ne, kalmomi kamar 60 zuwa 100, masu amsa tambaya huɗu: wane ne jarumin, me yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa idan ya gaza.

Babban kuskure yana wajen buri. "Tana neman farin ciki." "Yana son ya gano kansa." Waɗannan yanayin zuciya ne, ba a ganinsu da ido. Burin da zai ɗauki littafi shi ne wanda mai karatu zai iya nuna shafi ya ce nan ta samu, ko nan ta rasa. Idan ba ka san ranar da za a ce buri ya cika ba, ba ka san ƙarshen littafinka ba, shi ya sa rubutun ke maƙalewa a tsakiya, babi na bin babi, jaruma na ta kuka da tunani ba ta yin komai. Ni abin da nake yi, in tilasta burin ya zama aikatau mai abin da yake faɗa wa: ta kai, ta ƙwato, ta ɓoye, ta hana. Maimakon "tana son gaskiya ta yi halinta", sai a ce: wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare tana son ta kai kundin ɗakin magani gaban kwamitin bincike kafin ya zauna nan da kwana 10.

Na biyu ya fi ba ni haushi, wato a manta da abin da za a rasa. Haba malam, ka shafe wata da watanni kana ƙawata mugun da ke cikin labarinka, amma ba ka taɓa tambayar kanka me zai hana jarumarka ta ɗauki jakarta ta koma gida ta kwanta ba? Idan za ta iya janyewa ba tare da ta yi asarar komai ba, to labarin ya mutu tun a babi na ɗaya. Kuma kada ka fake da "rayuwarta za ta tarwatse", wannan ba amsa ba ce. Faɗi sunan abin: aiki ne, ɗa ne, 'yanci ne? Karanta sakin layinka da ƙarfi, bayan kowace jimla ka ce "to sai me?" Inda bakinka ya mutu, nan ramin yake.

Cikas kuwa ya fi ƙarfi idan cin nasara ma yana da farashi. Mugun shugaban asibiti cikas ne, amma mai arha, don kowa ya san gefen da jaruma za ta tsaya. Duba yadda abin zai zama idan aka matso da shi cikin gida:

"Wata ma'aikaciyar jinya mai gudun rigima ta gano ana musanya maganin ɗakin yara da na jabu, an kuma ɗora laifin a kan abokiyar aikinta. Tana da kwana 10 ta kai kundin ɗakin magani gaban kwamitin bincike. Sai dai sa hannun da ke cikin kundin na yayanta ne, wanda ya riƙe ta ya biya mata kuɗin karatu. In ta yi shiru, marar laifi za ta tafi gidan yari, yara su ci gaba da shan jabu. In ta yi magana, ita ce za ta ɗaure yayanta."

Lura da "mai gudun rigima". Siffa ɗaya ce tak, kuma an zaɓe ta ne don ta yi karo da aikin da ke gabanta. "Kyakkyawa, mai ilimi, mai tarbiyya" ba ya gaya mana yadda za ta yi idan tura ta kai bango.

Sauran ƙanana ne. Kada a jibga sunaye, mutum biyu ko uku sun isa, kuma "ma'aikaciyar jinya" ta fi suna amfani a nan. Kada a fara daga haihuwarta, a fara daga ranar da ta buɗe kundin. A bar yabon littafi, "mai taɓa zuciya" hukuncin mai karatu ne. Ita kuma tambayar nan ta rufewa, "shin ko za ta yi nasara?", ta bangon littafi ce, a share ta a sa abin da za ta rasa a gurbinta. Idan kana da jarumai uku, rubuta wa kowanne sakin layinsa, wanda asararsa ta fi nauyi shi ne mai littafin.