Yadda ake haɗa takardun rajistar aure har a karɓi takardar shaida

Abin da ya fi mayar da ango da amarya gida daga ofishin rajistar aure shi ne takardun da suka saɓa wa juna, ko waɗanda wa'adinsu ya ƙare kafin a kai ga ranar da za a yi amfani da su. Mutum zai zo da jaka cike da takardu, kowace ta gaskiya ce, amma jami'in rajista ya ƙi karɓa domin ranar haihuwar da ke fasfo ta bambanta da wadda ke takardar haihuwa da kwana ɗaya. Jami'in bai san ku ba, abin da ke gabansa kawai yake karantawa, kuma amsar tambayoyi uku yake nema: su wane ne ku, shekarunku sun kai, kuma babu wani auren da doka ta ce ya hana wannan. Duk wata takarda da za a nema tana amsa ɗaya daga cikin tambayoyin nan ne.

Matakin farko shi ne a je ofishin da za a yi rajistar, ko a duba shafinsa na intanet, a karɓi jerin abubuwan da ake buƙata a rubuce. Kada a dogara da abin da wani aboki ya kai shekaru biyar da suka wuce, domin ƙa'idoji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga gari zuwa gari. A wannan zuwan a tambaya ko rajistar da za a yi ita ce ɗaurin auren kansa, ko kuwa rubuta auren da aka riga aka ɗaura ta hanyar addini ne, domin idan na biyun ne za a nemi takardar da limami ko fasto ya bayar, ɗauke da kwanan wata da sunayen shaidu. A kuma tambayi iyakar daɗewar da aka yarda takarda ta yi, da yawan kwanakin da za a jira bayan an ba da sanarwa.

Daga nan sai takardun tantance mutum: fasfo ko katin shaidar ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, takardar haihuwa, hotuna ƙanana inda ake buƙatarsu, da abin da ke nuna wurin zama, kamar takardar biyan kuɗin wuta ko yarjejeniyar haya mai ɗauke da sunan mutum. Shaidar wurin zama tana da dalili, domin a ƙasashe da yawa ofishin yankin da ɗayanku yake zaune ne kaɗai ke da hurumin karɓar sanarwarku. A Ingila da Wales, alal misali, sai mutum ya zauna a gundumar kwana 7 kafin ya ba da sanarwa.

A nan ne ya kamata a zauna a natsu. A shimfiɗa takardun a kan tebur, a bi su da yatsa harafi bayan harafi. Idan an rubuta Muhammad a takardar haihuwa, aka rubuta Mohammed a fasfo, a wurin jami'in rajista mutum biyu ne har sai an tabbatar masa da akasin haka. Haka kuma idan sunan tsakiya ya bayyana a wata takarda ya ɓace a wata, ko aka juya sunan mahaifi ya koma gaba, ko aka rubuta 03/04 wanda wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani kuma 4 ga Maris. Ƙaramin saɓani ana iya magance shi da takardar rantsuwa a gaban kotu ko wani jami'in da doka ta ba ikon rantsarwa, inda mutum zai bayyana cewa sunayen biyu nasa ne. Saɓanin ranar haihuwa ya fi wannan nauyi, kuma yawanci sai an koma hukumar da ta fitar da takardar ta gyara. A ganina gyara daga tushe ya fi rantsuwa, ko da zai ɗauki makonni, domin duk abin da aka shigar cikin littafin rajistar aure shi zai riƙa bin mutum wajen neman biza, rabon gado da rajistar haihuwar 'ya'ya. Kada kuma a yi gigin gyara takarda da biro ko a goge wani harafi, domin hakan na mayar da takardar gaskiya abin zargi.

Mataki na uku shi ne tabbatar da cewa babu abin da ya hana auren. Wanda bai taɓa aure ba yawanci sa hannu a fom ko takardar rantsuwa ya ishe shi. Wanda ya taɓa yi sai ya nuna yadda na farkon ya ƙare: takardar shaidar mutuwa idan rasuwa ce, wani lokaci haɗe da takardar tsohon auren domin a ga alaƙar, ko takardar saki idan rabuwa aka yi. Mutane da yawa suna tuntuɓe a kan takardar sakin, saboda a wasu ƙasashe kotu tana yanke hukuncin raba aure hawa biyu ne, na wucin gadi sannan na ƙarshe, kuma na ƙarshen ne kaɗai ke warware igiyar a idon doka. Wanda ya zo da na wucin gadi har yanzu mai aure ne. Sakin da aka yi da baki, ko aka rubuta a gida, shi ma jami'in rajista ba zai iya aiki da shi ba sai wata kotu ko hukuma ta tabbatar da shi a rubuce.

Idan ɗaya daga cikin ma'auratan baƙo ne a ƙasar, aikin yakan ƙaru da hawa uku, kuma dole a bi su a jere. Da farko zai samo takardar rashin cikas, wato wadda ke nuna babu abin da ya hana shi aure, daga hukumar ƙasarsa ko ofishin jakadancinta. Sannan a tabbatar da sahihancinta: idan ƙasashen biyu suna cikin Yarjejeniyar Hague ta 1961, hatimi ɗaya da ake kira Apostille ya wadatar, kuma ƙasar da ta fitar da takardar ce ke buga shi. Idan ɗayarsu ba ta ciki, sai takardar ta bi ta ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da ta fitar da ita, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a yi auren. Fassara ita ce ta ƙarshe, a hannun mai fassarar da hukuma ta amince da shi. Wanda ya yi gaggawar fassarawa kafin a buga hatimi yakan biya sau biyu, domin akwai ofisoshin da ke son a fassara har rubutun da ke jikin hatimin.

Mu ɗauki misali domin a ga yadda lissafin kwanaki ke tafiya. A ce an sa ranar aure 20 ga Satumba a ƙasar da ke buƙatar sanarwar cikakkun kwanaki 28, kuma ba ta karɓar takardar waje da ta haura wata shida. Amarya baƙuwa ce, ta taɓa aure sun rabu. Idan aka ƙirga baya, ranar ƙarshe ta ba da sanarwa ita ce 22 ga Agusta, kuma wanda ya bar abin sai ranar ya yi ganganci, domin takarda ɗaya aka ƙi karɓa sai an ɗaga biki. Idan amaryar, saboda son ta gama da wuri, ta karɓo takardar rashin cikas ranar 10 ga Fabrairu, wa'adinta zai ƙare 10 ga Agusta, kuma hatimin da aka buga mata a watan Yuni ba zai ƙara mata ko kwana ɗaya ba, tunda daga ranar fitar da takarda ake fara ƙirgawa. Abin da ya dace shi ne ta fara da hukuncin saki na ƙarshe da gyaran suna, waɗanda ke cin lokaci, ta bar takardar rashin cikas zuwa farkon Yuni. Idan hatimi ya ɗauki mako uku, fassara mako ɗaya, komai zai kammala a farkon Yuli, a ba da sanarwa a farkon Agusta, takardar kuma tana da rai har Disamba. Sai dai a tambayi ofishin tun farko ko ranar miƙa takardu yake dubawa wajen ƙirga wata shidan, ko ranar auren kanta.

Bayan an karɓi takardun sai a shiga kwanakin jira, wanda a cikinsu ake liƙa sanarwa domin duk mai ƙorafi na doka ya fito. A Faransa kwana 10 ne, a Najeriya ƙarƙashin Dokar Aure kwana 21, a Ingila da Wales kwana 28. Sanarwar ma tana da iyaka: a Najeriya sai an ɗaura auren cikin wata uku da ba da ita, a Ingila cikin wata 12, in ba haka ba a sake daga farko.

Ranar rajista a zo da takardun asali, ko da an riga an miƙa kwafinsu, tare da shaidu, yawanci biyu, manya masu hankali, kowanne da katin shaidarsa a aljihu. Idan ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya jin harshen da za a gudanar da abin, a tanadi tafinta tun kafin ranar. Lokacin da jami'in ya turo littafin ko takardar domin sa hannu, a dakata a karanta, ko da 'yan uwa na tsaye da wayoyi suna jiran ɗaukar hoto: sunaye, ranakun haihuwa, sunayen iyaye, kwanan watan auren da wurin da aka yi. Kuskuren da aka gani kafin sa hannu nan take ake gyara shi, wanda aka gani daga baya kuwa sai an rubuta takardar neman gyara, an kawo hujja, wani lokaci har sai kotu ta ba da umarni.

Takardar shaidar auren wasu wurare a take ake miƙa ta, wasu kuma sai an nema bayan an shigar da auren cikin kundin hukuma. A tabbata tana ɗauke da lambar rajista, sa hannun jami'in da hatimin ofis, domin takardar ado da wasu wuraren biki ke bayarwa ba ta da ƙarfin doka. A nemi kwafi biyu ko uku waɗanda ofishin da kansa ya tabbatar, a rubuta lambar rajistar a wani wuri daban, kuma kada a lulluɓe ta asalin da roba mai zafi, saboda hukumomi da yawa ba sa buga hatimi a kan takardar da aka manne. Wanda ke shirin amfani da ita a wata ƙasa gara ya sa a buga mata Apostille, ko ya bi da ita ta ma'aikatar harkokin waje, tun kafin ya bar ƙasar da aka yi auren.