Kashi 7.5 Na Wane Kuɗi? Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Fitar Da Haraji Daga Farashi

Shekara da shekaru ina riƙe da littafin ciniki a wani shagon kayan gini nan cikin garin Sakkwato, kuma kusan duk yaron da aka kawo mini domin ya koyi aikin, kuskure guda yake fara yi. Zai ɗauki jimillar kuɗin da mai saye ya biya, ya buga kashi 7.5 cikin ɗari a kanta, ya rubuta abin da ya fito a matsayin harajin sayen kaya, wato wanda ake bugawa a rasit da sunan VAT. Lissafin yana da kama da gaskiya, shi ya sa ake daɗewa ba a gano ɓarnarsa ba.

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu 2020 harajin nan ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a Najeriya, kuma a kan asalin farashin kaya ake ɗora shi, kafin a haɗa da harajin. A ɗauka an sayar da kwanon rufi wanda asalin kuɗinsa naira 2,000,000 ne. Harajinsa 150,000, saboda haka mai saye zai biya 2,150,000. Idan yaro ya zo daga baya, jimillar kawai yake gani a littafi, ya buga kashi 7.5 a kan 2,150,000, zai sami 161,250, wato ya zarce da naira 11,250. Wannan rarar tana da asali: ita ce kashi 7.5 na 150,000 ɗin nan. Jimillar da ya buga a kai ta riga ta haɗiye harajin a cikinta, don haka ya ɗora haraji a kan haraji. Kason bai canza ba, kuɗin da aka ɗauki kason a kansa ne ya ƙaru.

Yadda nake nuna wa yara shi ne in ajiye naira 43 a kan tebur. Idan asalin kaya naira 40 ne, kashi 7.5 ɗinsa naira 3 ne cif, jimilla 43. Ke nan a cikin kowace naira 43 da ta shigo aljihun shago da harajinta a ciki, 40 ta shago ce, 3 ta hukuma. Uku cikin arba'in kashi 7.5 ne, amma uku cikin arba'in da uku bai kai kashi 7 ba, kusan 6.98 ne. Daga nan gyaran yake fitowa: a raba jimillar da 1.075 a sami asalin farashi, ko kuma a ninka ta sau 3 a raba da 43 a sami harajin kai tsaye. Ni ta biyun nake bi, domin ba ta da ɗigo kuma ko a bayan takardar siminti ana iya yin ta. Mai aiki da manhajar lissafi irin Excel a kwamfuta, idan jimillar tana gidan A2, ga abin da zai rubuta:

```
=A2/1.075
=A2*3/43
```

Na san zafin wannan kuskure domin ni ma na yi shi. A watannin farko bayan sauyin 2020, na ɗauki cinikin wata guda, wanda ya kama wajen naira miliyan 43 da harajinsa a ciki, na buga kashi 7.5 a kai, na rubuta 3,225,000 a matsayin harajin da muka karɓa daga masu saye, alhali 3,000,000 muka karɓa. Wata huɗu ina yin haka. Ranar da abin ya fito fili, maigidana yana zaune a kan tabarma bayan la'asar, ya buɗe littafin a cinyarsa, ya sa yatsa a kan layin ya ce, "Malam, kuɗin nan da ka ce mun karɓa wa hukuma, a hannun wa muka karɓe su?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin ciniki suke." Ya ce in ɗauko rasit guda in nuna masa. Na ɗauko, na tara harajin da ke jikin rasit ɗin watan ɗaya bayan ɗaya, jimillar ta ƙi kaiwa abin da na rubuta. Kusan naira 900,000 ne suka fita daga ribar shago, kuɗin da babu mai sayen da ya biya su, kuma neman a daidaita su ya ci mini watanni ina kai da kawowa da takardu. Har yau idan na ga yaro ya danna maɓallin % a kan jimilla, raina yana ɓaci, domin gwajin da zai tsare shi bai kai minti guda ba, kuma ƙiwa ce kawai take hana shi. Ka cire harajin da ka samu daga jimillar, ka sake ɗora kashi 7.5 a kan abin da ya rage, ka ga ko ka koma inda ka taso. Da lissafin kuskure, 1,988,750 ne zai rage, kuma idan aka ɗora masa haraji 2,137,906 da 'yan kwabbai zai bayar, bai koma 2,150,000 ba. Duk lissafin da bai komo gida ba, kada ka sa masa hannu.

Kuskure na biyu ya fi cin 'yan kwangila. Mutum zai ba da farashin naira 2,000,000, a ransa wannan kuɗinsa ne tsaf, amma bai rubuta cewa haraji yana waje ba. Ma'aikatun gwamnati su suke riƙe harajin daga tushe su miƙa wa hukuma, kuma idan takardar kwangila ta ce kuɗin ya haɗa da komai, a cikin miliyan biyun za a zare shi. Uku cikin 43 na 2,000,000 shi ne 139,535 idan an cike kwabbai, saboda haka asalin farashinsa ya koma 1,860,465. Idan kuma mai biyan ya yi irin kuskuren farko ya cire 150,000, an ƙara masa asarar 10,465. Ɗabi'ata ita ce ba na barin takardar farashi ta fita daga shago sai da layi uku a ƙasanta: asalin kuɗi, haraji, jimilla. Wasu abokan aiki suna ganin jimla ɗaya mai cewa "ban da haraji" ta wadatar, amma na sha ganin an yi gardama a kan jimla, ban taɓa ganin an yi a kan layi ukun ba.

Akwai waɗanda suke cike 6.98 su mai da shi kashi 7 don sauƙi; a kan 2,150,000 wannan zai ba da 150,500, kuma ɗari biyar-biyar ɗin nan ne suke hana littafi daidaita a ƙarshen wata. Wasu kuma suna son miliyan biyu ta rage a hannunsu bayan an cire haraji, sai su raba da 0.925 su sami 2,162,162, alhali ninkawa da 1.075 ake yi. Harajin kuɗin shiga da mai biya yake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila, wanda daban yake da VAT, shi ma a kan asalin farashi ake buga shi, ba a kan jimilla ba. Idan rasit ya haɗa kayan da ake biya wa haraji da waɗanda doka ta ɗauke wa, irin su kayan abinci na yau da kullum, sai an ware su kafin a taɓa 3 cikin 43. Tsofaffin rasit na kafin Fabrairun 2020 kuwa, da 1 cikin 21 ake fitar da harajinsu, domin a lokacin naira 1 ake ɗorawa a kan kowace naira 20.