Yadda ake tace amsoshin ma'aikata kafin a kai wa shugabanni

A ce wata makaranta mai ma'aikata 60 ta raba takardar jin ra'ayi, tambayar ƙarshe ita ce: "Me kuke so a gyara?" Mutum 48 suka rubuta abin da ke ransu. Shugaba ba shi da lokacin karanta duka, bai ma kamata ya gani ba, domin ya san salon kowa.

Da farko ka karanta su duka sau ɗaya ba tare da ka rubuta komai ba. Sannan ka buɗe Excel da ginshiƙai huɗu: A lambar mai amsa, B magana, C jigo, D yanayin magana.

Layi ɗaya, magana ɗaya. A nan mutane ke yawan yin kuskure. Wani ya rubuta: "Alhamdulillahi shugaba na ƙoƙari, amma albashi sai 10 ga wata, kuma yara 70 ne a ajina." Maganganu uku ke nan: shugabanci, albashi, cunkoson aji. Ka ba su layi uku da lamba ɗaya.

Daga amsoshi 20 na farko ka fitar da jigogi biyar zuwa takwas, kowanne ka rubuta masa abin da ke shiga ciki. Jinkirin albashi daban, ƙarancinsa daban, tunda maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan abin da ka zuba a "Sauransu" ya wuce kashi ɗaya cikin goma, akwai jigon da ka tsallake.

Yanayin magana kuwa sai da kunnen Bahaushe. Yabo, ƙorafi, shawara da tsaka-tsaki sun isa. Sai dai "ba laifi" da "sai haƙuri" ba yabo ba ne, kuma mutanenmu sukan fara da godiya don ladabi, ainihin saƙon yana bayan "amma". Ka ba wani abokin aiki layi 15 ya sa musu jigo shi kaɗai. Inda kuka saɓa, bayanin jigon ne ke buƙatar gyara.

Wajen ƙirga, ka tabbatar mutum ɗaya bai fito sau biyu a jigo da yanayi ɗaya ba, sannan:

```
=COUNTIFS(C:C,"Jinkirin albashi",D:D,"Ƙorafi")
```

A rahoto kowane jigo ya samu adadi, yanayi, da misali ɗaya ko biyu da ka sake faɗa da bakinka: "Jinkirin albashi: mutum 19 cikin 48, galibi ƙorafi. Sun ce rashin sanin ranar biya na jefa su cikin bashi." Ka cire sunan aji, shekarun aiki da duk wata alama, amma kada ka rage zafin maganar. Sashen da masu amsarsa ba su kai biyar ba, kada ka ambace shi.

Zargin cin zarafi ko sata ba ya shiga wannan rahoto. Ko mutum ɗaya ne ya faɗa, ka kai shi a asirce ga wanda ke da alhakin bincike.