Yadda ake daidaita barci in an tashi daga Yamai zuwa Sin

Wanda ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya ya san wannan dare. Ƙarfe 10 ta yi, ka kwanta a otel, gajiya har cikin ƙashi, amma ido ya bushe ƙyam. Ba katifa ba ce, ba kuma baƙunta ba. Ƙasar Sin tana gaban Nijar da awa 7, don haka ƙarfe 10 na darensu ƙarfe 3 na rana ne a Yamai, ko la'asar ba a kira ba. Ƙarfe 7 na safe kuwa, lokacin da za ka tashi ka nufi kasuwa, jikinka 12 na dare yake gani.

Akwai agogo a ƙwaƙwalwa wanda ke tsara barci da yunwa da zafin jiki. A wajen yawancin mutane zagayensa ya ɗan haura awa 24, shi ya sa jinkirta kwanciya ya fi sauƙi a kan kwanciya da wuri. Tafiya yamma tana tsawaita maka yini, gabas kuwa gajarta shi take yi. A gabas jiki yakan matso da kamar awa 1 ne kawai a rana, wato awa 7 sai wajen mako guda. Masu zuwa Makka awa 2 ce tsakani, Dubai awa 3, waɗannan ba su kai a tada hankali ba.

Tun kana gida za ka fara. Kwana 3 kafin tafiya ka riƙa matso da kwanciya da tashi, ko da rabin awa ne kullum. Na san da wuya, ranakun nan ne ake ta kai-komon biza da canjin kuɗi da sallama da dangi, amma ko hirar bayan isha'i ka yanke ka rage wani abu. In jirgi ya tashi daga filin Diori Hamani, mayar da agogon hannunka lokacin Sin, ka yi ƙoƙarin barci sa'ad da dare ne a can, ka sha ruwa sosai.

Babban aikin yana wajen haske, kuma nan aka fi yin kuskure. Zafin jiki yana sauka ƙasa sosai awa 2 zuwa 3 kafin lokacin da ka saba tashi. Hasken da ya shiga ido bayan wannan lokaci yana jawo agogon jiki gaba, abin da kake nema ke nan. Wanda ya shiga kafinsa baya yake tura shi. Ɗauki mai tashi ƙarfe 5 don asuba: nasa lokacin wajen 3 na dare ne a Yamai, wato 10 na safe a Guangzhou. In ya fita cikin rana ƙarfe 7 don wai ya wartsake, ya tura agogonsa inda ba ya so.

Saboda haka ranar farko ka yi asubarka da ƙaramar fitila, ka bar labule a rufe, in fita ta zama dole ka sa baƙin tabarau. Daga ƙarfe 10 zuwa azahar ka cire shi, ka nemi waje, ba cikin rumfunan da ke ƙarƙashin bene ba. Rana ta biyu ka fara daga 9, ta uku daga 8, haka har ku haɗu da safiyar garin. Da dare ka rage fitila, ka ajiye waya, duk da lokacin ne mutanen gida suke farke suna aiko da saƙon kaya.

Barcin rana kada ya wuce minti 30. Ni na taɓa cewa bari in ɗan kishingiɗa bayan azahar, ban farka ba sai da aka kunna fitilun titi, ranar nan dillalina ya gaji da jira ya tafi. Shayi da kafe da goro kuwa a tsaya da su daga azahar, don ƙarfinsu yakan yi awoyi a jiki. Wasu na shan ƙwayar melatonin dab da kwanciya na 'yan kwanaki, tana taimakawa a tafiyar gabas, amma mai juna biyu da mai farfaɗiya da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna.

Za ka gane ka fara daidaita in yunwa tana zuwa lokacin abincinsu, bayan gida ya koma na safe. In kuwa kwana 4 sun wuce barcinka sai ƙara nisa yake cikin dare, to haske na shiga da wuri, ƙara jinkirta fitar safe.

Dawowa Yamai ba ta kai haka ba. Barci zai kama ka tun la'asar, ka farka tsakar dare. Zauna waje da yamma har magariba, ka daure kada ka kwanta sai bayan isha'i.