Kurakuran da aka fi yi wajen daidaita kwanan wata a rajistar ƙungiya

A ƙungiyoyin manoma na karkarar Jigawa, rajistar bashin taki da iri takan ratsa hannaye da dama kafin ta kai ga kwamfuta: sakatare ya rubuta wasu layuka a littafi, ma'aji ya ƙara nasa, sannan wani matashi ya kwafe su a Excel. Daga ƙarshe sai a tarar da 7/3/24 da 07-03-2024 da 7 ga Maris a jeri guda. Abin da ake nema shi ne a mayar da su duka tsarin ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988, wato shekara da lambobi huɗu, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-07. Wannan tsari bai bar wurin shakka ba, kuma ko a matsayin rubutu aka jera shi, yakan bi tsarin lokaci daidai.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne a ɗauka cewa abin da kwamfuta ta karɓa ba tare da ƙorafi ba daidai ne. A Najeriya rana muke fara rubutawa kafin wata, amma da yawa daga cikin kwamfutocin da ake saya na hannu suna zuwa ne da saitin Amurka, inda wata ke gaba. Idan aka shigar da 07/03/2024 a irin wannan na'ura, za ta fahimce shi a matsayin 3 ga Yuli, alhali mai rubutun 7 ga Maris yake nufi. Idan kuwa aka shigar da 25/04/2024, tun da babu wata na 25, sai ta bar shi a matsayin rubutu kawai. Ke nan jeri guda ya ƙunshi cuta iri biyu: ranakun da suka haura 12 ba su zama kwanan wata ba sam, waɗanda ba su haura 12 ba kuma an juya su a ɓoye. Ana gane wannan da ido, domin Excel yana jingina kwanan wata na gaske a gefen dama na gida, rubutu kuma a gefen hagu, matuƙar ba a sauya jinginar da hannu ba. Wanda ke son tabbaci, idan kwanan watan farko yana gidan A2, sai ya rubuta `=ISNUMBER(A2)` a gefe, ya ja shi ƙasa. Duk inda ya ga FALSE, rubutu ne.

Daga nan ne mutane da yawa ke faɗawa kuskure na biyu, wato su zaɓi jerin gaba ɗaya, su shiga Format Cells su sa yyyy-mm-dd, su ɗauka an gama. Wannan fenti ne kawai a kan bango mai tsaga. A cikin Excel kwanan wata lamba ce da ake ƙirgawa daga farkon shekarar 1900, har 7 ga Maris 2024 ta zama 45358, kuma Format Cells yana sauya yadda lambar ke bayyana ne kawai. Wanda aka juya zai fito 2024-07-03 tsaf da kuskurensa, wanda yake rubutu kuma ba zai motsa ba.

Idan an tabbatar cewa duk waɗanda suka cika rajistar rana suka fara sawa, da lambobi biyu-biyu da shekara cikakkiya, wannan dabara tana gyara cututtukan biyu a sabon jeri, wanda shi ne za a sa wa yyyy-mm-dd a Format Cells:

```
=IF(ISNUMBER(A2),DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))
```

Sai dai tana da iyaka da ya wajaba a sani. Idan akwai layin da ya shiga daidai tun farko, misali 25 ga Afrilu 2024 da wani ya rubuta da sunan watan na Turanci, dabarar za ta ɗauki 25 a matsayin wata, kuma Excel ba zai yi gargaɗi ba, zai ci gaba da ƙirga watanni har ya ba da 4 ga Janairu 2026. Saboda haka bayan gyara a duba mafi ƙanƙanta da mafi girma a jerin da MIN da MAX, a ga ko akwai wanda ya fita daga shekarar da ake aiki a kanta. Kuma kada a taɓa goge jerin asali. A bar shi yadda yake, gyara ya zauna a gefensa, domin shi ne abin komawa idan gardama ta taso.

Wurin da aikin ya fi buƙatar natsuwa shi ne inda ba a san wanda ya rubuta layi ba, ko kuma aka haɗa fayiloli daga wayoyi daban-daban. A kowace shekara akwai ranaku 132 da za a iya karantawa ta fuska biyu, wato waɗanda rana da wata duk ba su haura 12 ba kuma ba lamba ɗaya ba ce. Babu dabarar lissafi da za ta warware waɗannan, sai hujja daga wajen lambar. Abu na farko shi ne a raba layukan bisa hannun da ya rubuta su, domin mutum ɗaya yakan tsaya a kan salo ɗaya: idan a cikin layukansa an ga 25/04 ba a taɓa ganin 04/25 ba, to rana yake fara sawa.

A ɗauki misalin ƙungiyar da ke karɓar biyan bashi ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, saboda a ranar ce mambobi ke sayar da dabba ko hatsi su sami kuɗi a hannu. Layin da ke ɗauke da 07/03/2024 ya warware cikin sauƙi, domin 7 ga Maris Alhamis ce, 3 ga Yuli kuma Laraba. Haka ma 11/04/2024: 11 ga Afrilu Alhamis ce, 4 ga Nuwamba Litinin. Amma 07/11/2024 ba ya warwaruwa ta wannan hanya, tun da 7 ga Nuwamba da 11 ga Yuli duk Alhamis suka faɗo. A nan hankali zai karkata ga Nuwamba, saboda bayan kaka ake biyan bashin taki, ba tsakiyar damina ba. Wannan zato ne mai ƙarfi, amma ni ba zan rubuta shi a matsayin tabbas ba sai na duba lambar rasit, na ga tsakanin waɗanne rasitai ta faɗo a littafin ma'aji. Idan rasitan da ke gabansa da bayansa na ƙarshen Oktoba ne da tsakiyar Nuwamba, magana ta ƙare. Idan ba a sami rasit ba, a bar gidan gyara babu komai, a rubuta "ba a tabbatar ba" a gefe, a tambayi mai bashin a taro na gaba. Bambancin Yuli da Nuwamba wata huɗu ne, kuma zai iya sa a ci tarar wanda ya biya a kan lokaci.

Shekara mai lambobi biyu ma tana da tarkonta, musamman a ranar haihuwar mambobi. A saitinsa na asali Excel yana mayar da 00 zuwa 29 shekarun 2000, 30 zuwa 99 kuma shekarun 1900, don haka ranar kammala biyan da aka rubuta da 30 ana nufin 2030 za ta koma 1930. A cika shekarar da hannu kafin a shigar.

Akwai kuma layukan da dattawa ke rubutawa da lissafin Hijira, kamar 1 ga Ramadan 1445. Kada a danƙa wannan ga manhajar sauya kalanda a karɓa ido rufe, domin a nan da ganin wata ake aiki bisa sanarwar Sarkin Musulmi, kuma lissafin manhaja yakan saɓa da kwana ɗaya. A Najeriya 1 ga Ramadan 1445 ta zo daidai da Litinin, 2024-03-11. A rubuta na Miladiyya a jerin gyara, na Hijira kuma ya zauna a jerinsa yadda mai shi ya rubuta.