Gyaran Layin Ƙarshe Na Talla

Wata mai sayar da ƙuli-ƙuli a Maradi ta rufe tallanta na WhatsApp da "Ku tuntuɓe mu". To, a kira ne ko a rubuto, kuma a ce me?

Da farko, zaɓi aiki ɗaya tak. Kira ko saƙo, ba duka biyu ba.

Sannan sa wa mai saye kalmar a baki: "Rubuto ƘULI da yawan ledar da kake so."

Na uku shi aka fi mantawa, wato abin da zai biyo baya: "Za mu faɗa maka kuɗin kafin la'asar, a kawo maka gobe da safe, ka biya a hannu." Kada a yi alkawarin la'asar idan sai magariba ake duba waya.

Daga ƙarshe karanta wa maƙwabciya. Idan ta ce "sai kuma me?", da sauran gyara.